Daga Hoton Allo Zuwa Amsa: Yadda Ake Fitar da Aigenbalu da Aigenbekta na Matiriks Mai Layi Biyu da Kolam Biyu

Ɗaliban lissafi da yawa yanzu ba daga littafi suke samun tambaya ba. Wani ne zai ɗauki hoton allo kafin malam ya goge, ko hoton takardar aikin gida, ya tura a zauren aji, kowa ya sauke. A cikin hoton akwai lambobi huɗu a tsakanin baka biyu, an ce a nemo aigenbalu da aigenbekta. Lissafin kansa gajere ne, wanda ya ƙware ba ya wuce minti biyar a kansa. Amma akwai wani abu da nake so ka riƙe tun daga farko: duk hanyoyin tantance amsa da zan nuna maka, matiriks ɗin da ka kwafa a takardarka suke tantancewa, ba wanda malam ya rubuta a allo ba. Idan ka kwafi lamba ɗaya ba daidai ba, lissafinka zai iya tafiya sumul har ƙarshe, amsar kuma ta wata tambaya ce daban. Shi ya sa za mu daɗe a kan hoton kafin mu taɓa lissafi.

Matiriks ɗin da za mu yi aiki da shi har ƙarshe shi ne wannan:

```
A = |  4   -2 |
    |  1    1 |
```

Sunayen gurabun kuwa, layin sama a da b, layin ƙasa c da d. Wato a = 4, b = -2, c = 1, d = 1. Lambobin a da d su ne ke kan dayagonal, daga saman hagu zuwa ƙasan dama.

Me ake nema?

Ka ɗauki bekta a matsayin kibiya da ta tashi daga tsakiyar giraf. Idan aka ninka ta da matiriks, galibi takan sauya tsayi kuma ta karkata zuwa wata fuskar. Ɗauki (1, 0) ka ninka da A, za ka samu (4, 1): ta ƙara tsayi, kuma ta ɗan ɗaga sama. Amma akwai wasu kibiyoyi ƙalilan da matiriks ba ya karkatarwa. Sai dai ya miƙa su, ko ya taƙaita su, ko ya juya su baya, duk a kan layinsu na asali. Irin wannan kibiyar ita ce aigenbekta, adadin da aka miƙa ta da shi kuma shi ne aigenbalu, wanda ake rubutawa da harafin Girkanci lamda, λ.

```
A v = λ v
```

Sharaɗi ɗaya ne: kada v ya zama (0, 0), domin wannan kowace lamda za ta yi masa daidai, ba ya gaya mana komai. Ita kuwa lamda tana iya zama sifili. Farkon kalmomin nan biyu, wato aigen, daga Jamusanci yake, ma'anarsa abin da yake mallakin abu na kansa, kuma David Hilbert ne ya yi amfani da shi a wannan fanni a 1904.

Mataki na farko: fitar da lambobin daga hoto

Kada ka yi lissafi kana kallon waya. Ka ƙara girman hoton, ka rubuta lambobin a takarda ɗaya bayan ɗaya, kana bin layi: na sama daga hagu zuwa dama, sannan na ƙasa. Bayan ka gama, ka sake karantawa ta wata hanyar, kolam na hagu daga sama zuwa ƙasa, sannan na dama. Sauya hanyar karantawa yana hana ido maimaita kuskuren da ya yi da farko.

Abin da ya fi ɓacewa a hoto shi ne alamar ɗebewa. Ɗan gajeren zane ce, ƙyallin fitila a farin allo yana shafe ta, kuma idan tana gaban lambar kolam na hagu takan manne da bakan matiriks har ta zama kamar ɓangarensa. A misalinmu, idan alamar da ke gaban 2 ta ɓace, maimakon amsoshi masu tsabta za ka ƙare da √17 a cikin lamda. Wannan kam da sauƙi, domin ganin irin wannan lamba a aikin gida yakan sa mutum ya koma ya duba hoton. Ba hujja ba ce cewa ka yi kuskure, akwai tambayoyin da amsarsu haka take, amma dalili ne na sake dubawa.

Wanda ya fi haɗari shi ne kuskuren da ba ya nuna kansa. A rubutun hannu 1 da 7 suna kama, musamman idan malam yana yi wa 1 ɗinsa ɗan ƙugiya a sama. A ce ka karanta d a matsayin 7. Matiriks ɗinka ya zama 4, -2, 1, 7, kuma aigenbalu ɗinsa za su fito 5 da 6, cif-cif, babu ko ɗigo. Duk wanda ya ga haka zai ce ya samu. Saboda haka kada kyan amsa ya ruɗe ka. Maganin shi ne ka nemi wani wuri a cikin hoton inda hannun nan ɗaya ya rubuta 1 da 7, kamar kwanan wata ko lambar tambaya, ka kwatanta. Haka za ka yi da 4 da 9, da 0 da 6, da 3 da 8. Idan har yanzu kana shakka, ka tambayi wanda ya zauna a gaba ya duba maka littafinsa.

Sannan ka duba gefen hoton. Wani lokaci akwai lamba a wajen baka, kamar ½ a gaban matiriks, mai ɗaukar hoto ya yanke ta ko ta faɗa cikin inuwa. Idan akwai ta, kowane aigenbalu sai an ninka shi da ita, aigenbekta kuwa ba sa canzawa. Ka kuma lura ko akwai ƙaramar alama a saman dama, kamar T ko -1 ko 2, domin kowacce tana nufin wani matiriks ne daban ake tambaya.

Na ƙarshe shi ne musanya b da c, wanda ke faruwa idan an ɗauki hoton a karkace ko mutum ya kwafa da gaggawa. Wannan kuskuren yana da wayo, zan dawo kansa idan mun kai ga aigenbekta.

Mataki na biyu: ikweshan ɗin lamda

Mu mayar da komai gefe ɗaya. A v = λ v daidai yake da (A - λI) v = 0, inda I shi ne matiriks mai 1 a dayagonal da sifili a sauran gurabu. A aikace, ɗebe λI yana nufin ka ɗebe lamda daga a da d kawai, ka bar b da c yadda suke.

```
A - λI = | 4-λ    -2  |
         |  1     1-λ |
```

Muna son wannan sabon matiriks ya mayar da wata kibiya da ba sifili ba zuwa sifili. Matiriks ɗin da yake da inbas, wato wani matiriks da ke warware aikinsa, ba zai iya haka ba, domin da ka ninka ɓangarorin biyu da inbas ɗin sai ka ga v dole ya zama sifili. Ke nan dole ya zama marar inbas, wato ditaminan ɗinsa sifili ne. Daga nan ikweshan ɗin ya samo asali, ba haddar banza ba ce.

Ditaminan na matiriks irin wannan shi ne ninkin dayagonal, a ɗebe ninkin sauran biyun:

```
(4-λ)(1-λ) - (-2)(1) = 0
4 - 4λ - λ + λ² + 2 = 0
λ² - 5λ + 6 = 0
```

Dubi yadda 2 ɗin nan ta zama ta tarawa. Ninkin b da c shi ne -2, kuma ɗebe -2 daidai yake da ƙara 2. A nan ne hannu ya fi zamewa. Wanda ya rubuta 4 - 2 zai samu λ² - 5λ + 2, wato daidai ikweshan ɗin da wanda alamar ta ɓace masa a hoto zai samu. Ni dai shawarata ka riƙa sanya kowace lamba mai alamar ɗebewa a cikin baka kamar yadda na yi a layin farko, ko da kana ganin ɓata lokaci ne.

Akwai gajeriyar hanya da ke aiki ga kowane matiriks mai wannan girma. Ka tara a da d, ka kira jimlar T. Ka lissafa ad - bc, ka kira shi D. To ikweshan ɗin kullum haka yake:

```
λ² - Tλ + D = 0
```

A nan T = 4 + 1 = 5, D = 4 + 2 = 6, mun dawo kan abin da muka samu. A jarrabawa gara ka rubuta doguwar hanyar, domin mai duba takarda yakan ba da maki a kan layin ditaminan, sannan ka yi gajeriyar a gefe don tabbatarwa.

Mataki na uku: warware kwadiratik

Muna neman lambobi biyu da idan aka tara su a samu 5, idan aka ninka su a samu 6. Su ne 2 da 3.

```
(λ - 2)(λ - 3) = 0
λ₁ = 2,   λ₂ = 3
```

Idan lambobin ba su zo maka a kai ba, ka yi amfani da fomula:

```
λ = ( T ± √(T² - 4D) ) / 2
```

A nan T² - 4D = 25 - 24 = 1, don haka lamda ita ce (5 + 1)/2 = 3 ko (5 - 1)/2 = 2. Kafin ka wuce, tara amsoshin ka ga ko sun ba da T, ninka su ka ga ko sun ba da D. 2 + 3 = 5, 2 × 3 = 6. Daƙiƙa goma wannan yake ci, kuma yana kama wanda ya rubuta -2 da -3 saboda ya kwashe alamun da ke cikin baka yadda suke.

Mataki na huɗu: aigenbekta, ɗaya bayan ɗaya

Kowace lamda da nata aikin. Mu fara da λ = 2. Ɗebe 2 daga dayagonal:

```
A - 2I = | 2   -2 |
         | 1   -1 |
```

Idan v = (x, y), layukan biyu suna ba mu 2x - 2y = 0 da x - y = 0. Ka lura layin sama ninki biyu ne na layin ƙasa, magana ɗaya suke yi. Ɗalibai da yawa a nan suke tsorata: sun saba warware ikweshan biyu masu x da y ta hanyar kawar da ɗaya, sai su ga komai ya narke ya bar 0 = 0, su ɗauka sun ɓata. Ba su ɓata ba. Haka ya kamata ya kasance, tunda da gangan muka zaɓi lamda da za ta mayar da ditaminan sifili. Abin tsoro shi ne akasin haka. Idan layukan biyu ba su zama ninkin juna ba, har suka tilasta maka x = 0 da y = 0, to ko dai lamda ɗinka ba daidai ba ce, ko ka yi kuskure wajen ɗebewa. Kada ka rubuta (0, 0) a matsayin amsa, ka koma baya.

Daga x - y = 0 mun san x = y. Kowace lamba ka zaɓa ban da sifili ta yi, mafi sauƙi ita ce 1. Don haka v₁ = (1, 1).

Sai λ = 3:

```
A - 3I = | 1   -2 |
         | 1   -2 |
```

Layukan ma iri ɗaya suka fito. x - 2y = 0, wato x = 2y. A nan akwai ɗan tarko: mutum yakan ga 2 a jikin y sai ya rubuta (1, 2). Ka sa lambobi ka gani. Idan y = 1, x = 2. Amsar ita ce v₂ = (2, 1).

Ga dabarar da ke hana wannan ruɗani. Idan layin da ka zaɓa lambobinsa p da q ne, ka musanya musu wuri, ka sauya alamar ɗaya, wato (-q, p). Dalili kuwa p(-q) + q(p) sifili ne ko da yaushe. Layin (1, -2) ya ba da (2, 1). Layin (1, -1) ya ba da (1, 1). Idan wani layi ya fito sifili da sifili, ba ya ɗauke da bayani, sai ka yi amfani da ɗayan.

Idan abokinka ya samu (4, 2) ko (-2, -1) kai kuma ka samu (2, 1), ba wanda ya yi kuskure a cikinku. Duk a kan layi ɗaya suke, kuma layin shi ne ainihin amsar. Shi ya sa wasu malamai suke son a rubuta t(2, 1), tare da bayanin cewa t ba sifili ba ne. Idan an ce a mayar da tsayin kibiyar ya zama 1, sai ka raba ta da tsayinta: tsayin (2, 1) shi ne √(4 + 1) = √5, amsar ta zama (2/√5, 1/√5), kusan (0.894, 0.447).

Mataki na biyar: koma wa A na asali

Ka ninka A da kowace kibiya, A ɗin farko, ba wanda ka ɗebe wa lamda ba.

```
A(1,1) = (4-2, 1+1) = (2, 2) = 2(1,1)
A(2,1) = (8-2, 2+1) = (6, 3) = 3(2,1)
```

Duk sun zauna. Wannan ya tabbatar da lissafin gaba ɗaya, har da cewa kowace kibiya tana tare da lamda ɗinta, domin haɗa (1, 1) da 3 kuskure ne ko da lambobin duk daidai suke.

Yanzu maganar musanya b da c da na ajiye. A ce ka kwafi 4, 1 a sama, -2, 1 a ƙasa. T ba ta canza ba, domin dayagonal yana nan. D ma bai canza ba, domin ninkin b da c ɗaya ne ko ta ina ka fara. Za ka samu 2 da 3, ka tambayi 'yan ajinku, su ce ai su ma haka suka samu, hankalinka ya kwanta. Amma aigenbekta ɗinka za su fito (1, -2) da (1, -1), waɗanda ba ninkin (1, 1) da (2, 1) ba ne. Kuma idan ka gwada su da matiriks ɗin da ka kwafa za su ci gwajin, tunda nasa ne. Don haka a wannan mataki na ƙarshe ina ba da shawarar ka sake buɗe hoton, ka ɗauko lambobin ninkawar daga cikinsa kai tsaye, ka rufe abin da ka kwafa da hannu. Haka nan idan za ka kwatanta amsa da wani, ku kwatanta kibiyoyin, kada ku tsaya a lamda.

Idan hoton ya zo da wani irin matiriks

Abin da ke ƙarƙashin alamar √, wato T² - 4D, shi ke gaya maka irin hanyar da ke gabanka. A misalinmu ya fi sifili, shi ya sa muka samu lamda biyu daban-daban da layuka biyu.

Idan ya zama sifili, lamda ɗaya ce ta maimaitu. Ɗauki 3, 1 a sama, -1, 1 a ƙasa. T = 4, D = 3 + 1 = 4, ikweshan ɗin (λ - 2)² = 0 ne. Ɗebe 2 daga dayagonal ya ba da layukan (1, 1) da (-1, -1), wato x + y = 0, kibiyar ita ce (1, -1). Ita ke nan, babu ta biyu, kada ka wahalar da kanka wajen ƙirƙiro ta. (-1, 1) ba sabuwa ba ce, waccan ce aka juya. Yanayi ɗaya ne kawai lamda mai maimaituwa take ba da fiye da layi ɗaya a wannan girman: idan b da c sifili ne kuma a da d lamba ɗaya ce. A nan A - λI duk sifili ne, kowace kibiya da ba sifili ba aigenbekta ce, sai ka rubuta (1, 0) da (0, 1) a matsayin wakilai.

Idan ya gaza sifili, lamda za ta ƙunshi i, wato √(-1). Misali mafi sauƙi shi ne 0, -1 a sama, 1, 0 a ƙasa: T = 0, D = 1, λ² + 1 = 0, lamda ita ce i da -i. Wannan matiriks juya kowace kibiya yake da digiri 90, to ba mamaki a rasa wadda ta tsaya a layinta a kan giraf. Matakan ba su canza ba. Ga λ = i layin ƙasa (1, -i) ne, dabarar musanyawa ta ba da (i, 1), na ɗaya lamdar kuma (-i, 1). Amma kafin ka shiga wannan aikin ka yi wani ɗan bincike. T² - 4D daidai yake da (a - d)² + 4bc, kuma wannan ba zai gaza sifili ba sai idan b da c suna da alamu mabambanta. Idan a hoton alamarsu ɗaya ce, ko b da c lamba ɗaya ce, amma i ta fito maka, to kuskuren a lissafinka yake.

Idan kuma b ko c sifili ne, aigenbalu su ne a da d kai tsaye, ba sai ka warware komai ba. Aigenbekta dai sai ka bi mataki na huɗu.

Gwadawa a kwamfuta

Wanda yake da Python zai iya duba amsarsa da NumPy:

```python
import numpy as np
A = np.array([[4, -2], [1, 1]])
w, v = np.linalg.eig(A)
print(w)
print(v)
```

A cikin `w` za ka ga 2 da 3, ba lallai a jerin da ka rubuta su ba. Shi kuwa `v`, a tsaye ake karanta shi: kolam na farko na lamdar farko ne a cikin `w`, na biyu na ta biyu. Wanda ya karanta shi a kwance zai ɗauka amsarsa ta takarda ce ba daidai ba. An riga an mayar da tsayin kowace kibiya 1, don haka maimakon (2, 1) za ka ga kusan 0.894 da 0.447, maimakon (1, 1) kuma 0.707 sau biyu, wataƙila da alamar ɗebewa a gaban duka biyun. Ka raba lambar sama da ta ƙasa a kowane kolam: 0.894 a raba da 0.447 ya ba da 2, ɗayan kuma ya ba da 1, daidai da x = 2y da x = y da muka samu da hannu. Lambobin da za ka buga a layi na biyu na wannan kod ɗin, daga hoton za ka ɗauko su, baka na ciki na farko layin sama, na biyu layin ƙasa.